Kada ki yage shafin nan

Assalamu alaikum, Malama. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, an tura ni gwajin koyarwa a wata firamare. Jiya na shiga aji karon farko: aji huɗu, yara 76, lissafi, minti 35. Darasin shi ne 1/2 + 1/4. Na yanka lemo ɗaya na nuna, na juya ina rubutu a allo ina bayani da Turanci, sai surutu ya kaure a baya. Na ce "kun gane?" suka ce "eh". Da na ba su aiki, yawancinsu 2/6 suka rubuta. Na yi ta tsawa har muryata ta dishe, sai da malamar ajin ta shigo da bulala suka yi shiru, aka kaɗa ƙararrawa ban gama ba. An ce mu riƙa rubuta bitar kowane darasi a littafi, malamin da zai zo duba mu zai karanta. Abin da na rubuta shi ne: "Yau na gane ni ba malama ba ce. Yara sun raina ni. Na ji kunya." Shin in yage shafin in rubuta cewa komai ya tafi daidai? Ranar Litinin zan koma ajin, gabana sai faɗuwa yake.

Ɗalibarki

Wa alaikumus salam, 'yata.

Kada ki yage shi, kada kuma ki rubuta ƙarya. Na daɗe ina bin ɗalibai makarantu ina duba su, kuma littafin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne wanda kowane shafinsa ke cewa darasi ya yi kyau, yara sun fahimta, an cimma manufa. Idan na ga irinsa nakan san ɗayan biyu ne: ko ɗalibin yana ɓoye mini, ko kuwa bai ga abin da ke faruwa a gabansa ba, na biyun ma ya fi muni. Ke kin gani, har ya hana ki barci. Ki ja layi a ƙarƙashin abin da kika rubuta, ki bar shi yadda yake, ki fara sabon rubutu a ƙasansa.

Dalilin sabon rubutun shi ne jimlolin nan naki uku duk a kanki suke magana, babu wadda ta taɓa darasin. Hukunci kika yanke wa kanki tun ba ki saurari shaidu ba. Ki duba da kyau: idan kin karanta su ranar Lahadi da dare kina shirin Litinin, me za su ce ki canza? Babu. Bitar darasi kuwa don wannan kaɗai ake yin ta. Wani masani, Graham Gibbs, ya tsara matakai shida na irin wannan bita a 1988, ana kuma yawan koyar da su ga masu neman malanta: me ya faru, me na ji a raina, me ya yi kyau me ya lalace, me ya jawo hakan, me na fahimta, me zan yi nan gaba. Kin ga abin da zuciya ta ji yana da gurbinsa a ciki, ba a kore shi ba. Amma gurbi ɗaya ne cikin shida, kuma na biyu ne. Ke da shi kika fara, a kansa kika tsaya.

To ki koma na farko. Ki raba shafi gida uku: lokaci, abin da na yi, abin da yara suka yi. Ki bi minti 35 ɗin nan tun daga sallamarki har ƙararrawa, iyakar abin da kika iya tunawa. Sharaɗi ɗaya ne: kada ki rubuta komai sai abin da mutumin da ke zaune a bencin baya zai iya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa. "Sun raina ni" ba ya shiga, domin raini ba a ganinsa, fassara ce. Abin da ke shiga shi ne irin "na ba aji baya kusan minti shida ina rubutu, benci huɗu na ƙarshe suka fara hira, wasu biyu suna kokawa kan biro". Idan kin gama, ki nemi wuri na farko da abu ya karkace. Na farko nake nufi, ba wanda ya fi zafi ba. Wanda ya fi zafi kin san shi, shigowar malamar ajin ce, amma wannan ƙarshen zance ne. Ruwan da ya cika ɗaki, ta wata 'yar ɓula ya fara shiga.

Kafin ki yi wannan ma, akwai shaidar da ta fi ƙwaƙwalwarki gaskiya, tana cikin jakunkunan yaran. Ki roƙi malamar ajin ta tattara miki littattafan aikinsu, ki zauna ki kasa su kashi huɗu: waɗanda suka rubuta 3/4, waɗanda suka rubuta 2/6, waɗanda suka rubuta wani abu daban, da waɗanda suka kwafi tambaya kawai ko ba su rubuta komai ba. Ki ƙirga kowane kashi ki sa adadin a littafinki. Aikin bai fi na minti ashirin ba. Ki kuma lura ko kashi na huɗu 'yan bencin baya ne, domin idan su ne, to matsalarsu ji da gani ce, ba lissafi ba.

Yanzu bari in daɗe kan 2/6 ɗin nan, domin shi ne abu mafi daraja da kika samo jiya, ko da yake shi ya fi ƙona miki rai. Yaron da ya rubuta 2/6 bai yi cacar amsa ba. Ya haɗa ɗaya da ɗaya a sama ya sami biyu, ya haɗa biyu da huɗu a ƙasa ya sami shida. Ƙa'idar da aka koya masa shekara uku ke nan ya bi: in ka ga alamar tarawa, tara lambobin da ka gani. Yara da yawa su faɗa kuskure iri ɗaya ba alamar wasa ba ce, alama ce cewa akwai tubali guda da babu shi a gininsu gaba ɗaya. A wurinsu 1/4 lamba biyu ce, wata a kan wata, ba su ɗauke ta a matsayin adadi guda ba. Ina kyautata zaton in kika tambaye su wanne ya fi girma tsakanin 1/2 da 1/4, da dama za su ce 1/4, tun da huɗu ta fi biyu. Wanda kuwa bai san 1/2 daidai yake da 2/4 ba, babu hanyar da zai bi ya kai 3/4, ko da aji ya yi tsit kamar masallaci.

Ki ɗauko tsarin darasin da kika rubuta, ki duba wurin da ake faɗin abin da yara suka riga suka sani. Kusan kowane ɗalibi yana cika gurbin nan da jimla ɗaya da ya gada daga na gaba da shi, cewa yara sun saba da abu kaza. Wa kika tambaya? Idan amsar ita ce babu kowa, to kin samo ɓular. Darasin ya karkace tun a daren da kika rubuta shi, kafin ki ga fuskar ko yaro ɗaya. Wannan labari ne mai daɗi, 'yata, domin gyara takarda ya fi gyara hali sauƙi nesa ba kusa ba.

Kuma kada ki ga kamar ke kaɗai ce. Ƙaramin gwajin da kuka yi a kwaleji, inda kike koyar da 'yan ajinku na 'yan mintoci, dabara ce da aka faro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963, an gina ta ne kan a koyar, a yi gyara, a sake koyarwa. Tana da amfani, amma tana da iyaka a yadda muke yin ta: abokan karatunki manya ne, sun san amsar tun kafin ki buɗe baki, kuma suna son ki ci maki. Ba za su taɓa ba ki 2/6 ba. Jiya ce rana ta farko da kika tsaya gaban mutanen da da gaske ba su sani ba.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani. Lemo ɗaya ba ya isar idon yara 76, benci biyu na gaba ne suka gan shi, sauran kuwa aka bar su ba abin kallo ba abin yi, yaro ɗan shekara tara ko goma kuma ba ya zama haka kawai. Turanci ya ƙara nisa. A da, shekaru da dama, a tsarin ilimin ƙasar nan aji huɗu ne wurin da ake sauyawa daga harshen gida zuwa Turanci, yaran nan kuwa sababbi ne a harshen, ga kuma sabon lissafi, kaya biyu a kai ɗaya. Alhali kalmomin suna bakinsu. Wace yarinya ce aka aika kasuwa ba ta san rabin kwano ba, ba ta san kwata ba? Ki fara da waɗannan, in abu ya zauna sai ki ɗora masa sunansa na Turanci a allo, domin da shi za su gamu a jarrabawa, mai duba ki ma zai so ya ji shi.

"Kun gane?" kuwa ki cire ta daga bakinki gaba ɗaya. Gaisuwa ce, amsarta "eh", kamar yadda amsar "ina kwana" take "lafiya lau" ko da mutum da zazzaɓi ya kwana. Tambayar da ke auna fahimta ita ce wadda za a iya faɗuwa a kanta. Kuma idan kin yi ta, ki jira. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a farkon shekarun 1970 ta ga malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan tambaya kafin su amsa da kansu ko su wuce ga wani, kuma idan suka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara kan yi tsawo, waɗanda ba sa magana ma su fara sa baki. Ki ƙirga uku a zuciyarki. Sabon malami yakan ji shirun nan kamar shekara, amma a cikinsa ne yaro ke tunani.

Ga yadda nake so ki shiga ranar Litinin. Kada ki maimaita darasin jiya da ƙarin ƙarfin murya. Ki koma baya taki ɗaya, manufarki ta zama guda tak: a ƙarshen darasi yaro ya iya nuna cewa rabi daidai yake da kwata biyu. Ki sami farar takarda 19, ko da waɗanda aka yi rubutu a bayansu ne, ki yanka kowace gida huɗu a tsaye, sirara dogaye. Sha tara sau huɗu, 76 ke nan, ki ƙara 'yan kaɗan saboda masu yagewa. Ki ƙulla su layi-layi tun a gida, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da za ki rubuta a allo kuma ki je da wuri ki rubuta shi kafin a shiga, ko ki zana a kwali ki manna, don kada ki sake ba aji baya fiye da 'yan daƙiƙu.

Minti biyar na farko na tambaya ne. "Mama ta ba Audu rabin biredi, ta ba Ladi kwata. Wa ya fi samu? Mai cewa Audu ya ɗaga yatsa ɗaya, mai cewa Ladi ya ɗaga biyu." Da kallo ɗaya kin ga amsar aji duka, babu ihu. Sannan ki rubuta 1/2 da 1/4 ki sake tambayar wanne ya fi. Ki lura da yatsun da suka canza. Waɗannan yaran sun san abin a rayuwa, rubutunsa ne ke ruɗa su, kuma su ne darasin naki.

Sai takardu. A nan akwai ramin da kusan kowa ke faɗawa: raba kaya kafin a faɗi abin da za a yi da su. Da zarar takarda ta shiga hannun yaro, kunnensa ya tafi. Ki riƙe taki sama, ki naɗe ta biyu suna kallo, ki ce haka za a yi, ki sa yaro ɗaya daga baya ya maimaita umarnin, sannan shugaban kowane layi ya zo ya karɓi ƙullinsa. Kowa ya naɗe biyu, baki ya haɗu da baki, ya buɗe, ya shafe gefe ɗaya da biro ko fensir. Ki zaga, musamman baya. Za ki ga waɗanda suka naɗe a karkace, gefe ya fi gefe. Ki ɗaga irin wannan ki tambaya ko rabi ne, ba tare da kin faɗi mai ita ba, domin a nan ne za su kama cewa sai kason ya zo daidai ake kiransa rabi. Daga nan su mayar da naɗin farko, su ƙara naɗewa biyu, su buɗe. Gida nawa yanzu? Huɗu. Nawa ne a shafe? Biyu. Mun ƙara shafa wani abu? A'a. To rabin ɗazu shi ne kwata biyun yanzu. Sai a lokacin za ki rubuta 1/2 = 2/4 a allo. Wannan sashe zai ci miki kusan minti goma sha biyar, kada ki yi masa rowa.

Ki ƙarfafa shi da kuɗi, domin yaranmu ba a cutarsu a canji. Naira 200, hamsin-hamsin nawa ce? Huɗu. Rabinta nawa? Ɗari. Hamsin nawa ke cikin ɗari? Biyu. Abu ɗaya ne da na takarda, ta wata ƙofa. Minti biyar ya isa.

Ki ware minti bakwai na ƙarshe, ki sa agogo a kan tebur don kada ƙararrawa ta sake riskar ki. Tambaya biyu kawai a littafi: su zana doguwar takarda mai gida huɗu su shafe rabinta, sannan su cike 1/2 = ?/4. Ki karɓi littattafan ki sake kasa su kamar na jiya. Da wannan ƙirgar za ki auna darasin, ba da shirun aji ba. Ajin da yara 76 ke naɗe takarda ba zai yi shiru ba, kuma ba laifi. Abin saurare shi ne a kan me ake surutun. Idan kashi uku cikin huɗu sun samu, washegari ki ce su fito da takardunsu su shafe gida ɗaya kuma, su faɗa miki nawa ne a shafe. Da bakinsu za su ce uku cikin huɗu. A ranar ne za ki dawo da 2/6, ki zana shi a allo kusa da rabi, su ga bai ma kai rabin ba, ki tambaye su ko mai rabin kwano zai ƙara kwata ya koma gida da ƙasa da rabi. Idan kuwa waɗanda suka samu ba su kai rabin aji ba, kada ki wuce, ki sake da wani abu, kara ko igiya.

Saura malamar ajin. Na san shigowarta ta yi miki ciwo, kuma gaskiya ne ta rage miki kwarjini a idon yara, ko da taimako ta yi niyya. Ki same ta kafin Litinin, ki gaishe ta, ki gode mata, sannan ki roƙe ta abu uku: ta gaya miki inda suka tsaya a lissafi, ta ba ki sunayen yara shida da ido ya kamata ya riƙa kaiwa kansu, ta kuma zauna a baya tun farkon darasi tana rubuta miki abin da ta gani. Wadda ke zaune da biro a matsayin mai taya ki ba za ta shigo da bulala a matsayin mai ceto ba. Ke kuma kada ki ɗauki bulala. Shirun da take kawowa na mai riƙe da ita ne, da ya fita ya tafi da abinsa, kuma yaron da ke tsoron duka ba zai nuna miki kuskurensa ba, ke kuwa kuskuren kike nema. Maimakon tsawa, ki koya musu alama ɗaya tun a minti na farko, tafi uku su amsa da uku, ku gwada sau biyu. In surutu ya tashi, ki daina magana, ki taka zuwa inda yake, ki kira suna a hankali. "Kai, ku yi shiru" ba ta da mai ita. "Sani, nuna mini takardarka" tana da shi.

Ga kamannin abin da za ki rubuta a ƙarƙashin layin, da naki adadin da naki lokutan:

"Manufata ita ce yara su tara 1/2 da 1/4. Na ɗauka sun san 1/2 = 2/4, ban gwada ba. Lemon da na nuna benci biyu kawai suka gani. Surutu ya fara lokacin da na juya ina rubutu. Na ji tsoro da kunya, na yi tsawa, surutun ya ƙaru. Cikin littattafai kaza, kaza sun rubuta 2/6, wato sun tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Abin da ya yi kyau: kusan kowa ya gwada aikin. Ranar Litinin zan koma kan 1/2 = 2/4 da takarda a hannun kowane yaro, in auna da tambaya biyu a ƙarshe."

Ki kula da jimlar abin da ya yi kyau, kada ki tsallake ta don kunya. Sai da yara suka ɗauki biro suka yi aikin da kika sa su sannan aka sami 2/6 ɗin, kuma ya kamata ki san me kika yi da ya sa suka ɗauka, don ki sake yinsa.

Ranar da malamin da ke duba ku ya zo, ki buɗe masa wannan shafi da hannunki, da jimlolin saman layi da na ƙasa, da ƙirgar littattafan ranakun biyu a gefe. Ki tambaye shi ko ya ga wata ɓula da ke ba ki gani ba. Ki rubuto mini bayan Litinin, ina son jin yara nawa suka canza yatsa da kika rubuta 1/4 a allo. Allah ya ba da sa'a.